Nazarin Lamari: Maijegon da Aka Ƙara wa Jinin da Ba Rukuninta Ba Duk da An Yi Gwajin Dacewa

Lamarin ya faru ne a ɗakin masu jego na wani babban asibitin gwamnati inda na yi aiki a matsayin shugabar ma'aikatan jinya na sashen, kuma ni aka ɗora wa bin diddiginsa bayan ƙura ta lafa. Na zaɓi rubuta shi ne saboda an yi gwajin dacewar jini yadda ya kamata, an duba takardu a bakin gado yadda ya kamata, amma duk da haka jinin da bai dace ba ya shiga jikin mara lafiya, kuma abin da ya tsaya tsakaninta da lalacewar ƙoda shi ne ma'aikaciyar jinya ɗaya da ta zauna kusa da ita ta saurari ƙorafinta.

Mara lafiyar mace ce mai shekara 28, wadda ta yi haihuwarta ta huɗu a gida da asuba, mabiyiya ta yi jinkirin fita, jini ya ɓalle mata, aka kawo ta asibiti da hantsi. An cire ragowar mabiyiyar, an yi mata allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, jinin ya tsaya, amma awon yawan jininta, wanda ake kira fisibi, ya nuna kashi 19 cikin ɗari, tana kuma ganin jiri duk lokacin da ta yunƙura za ta zauna. Likita ya rubuta a ƙara mata jini leda biyu. A wannan yammacin akwai wata matar a gadon da ke kusa da ita, mai ciki wata takwas da ƙarancin jini, ita ma an rubuta a ɗebi jininta don gwajin rukuni da dacewa. Ma'aikaci ɗaya ne ya ɗebi jinin su biyun a jere, ya zuba a kwalabe biyu da ba a rubuta komai a jikinsu ba, ya tafi da su teburin ma'aikata, a can ya rubuta sunaye. A tsakanin gado da tebur, tafiyar da ba ta kai taku ashirin ba, kwalaben suka sauya hannu, sunan maijego ya hau kan jinin maƙwabciyarta.

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san abin da gwajin dacewa yake nema. Tun a 1901 Karl Landsteiner ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin jinin mutane suna ɗauke da alamomi daban daban a bayansu, waɗanda aka sa wa suna A da B, kuma wanda ba shi da ko ɗaya shi ne mai rukunin O. Abin da ya sa wannan rabe-raben yake da haɗari shi ne, a cikin ruwan jinin kowane baligi akwai sinadaran garkuwa, wato antibodi, da ke jiran duk alamar da shi ba shi da ita, ko da kuwa ba a taɓa ƙara masa jini ba. Mai rukunin A yana da masu yaƙar B, mai rukunin B yana da masu yaƙar A, mai rukunin O kuwa yana da duka biyun. Idan aka zuba ƙwayoyin A a jijiyar mai rukunin O, waɗannan sinadaran suna manne musu nan take, su tayar da wasu sunadaran jini da ke huda ƙwayoyin, su fashe a cikin jijiya. Abin da ke cikinsu, wato himogulobin, sai ya watsu a ruwan jini ya gangara ƙoda, jijiyoyi su saki, hawan jini ya faɗi, kuma a wasu lokuta tsarin daskarewar jini ya rikice har mutum ya riƙa zubar da jini ta ko'ina.

Gwajin dacewa, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira kurosmacin, gwada wannan haɗuwar ne a cikin kwalba kafin a gwada ta a jikin mutum, kuma Reuben Ottenberg ne ya fara amfani da shi kafin ƙarin jini a birnin New York a 1907. Ana juya jinin mara lafiya a na'ura a ware ruwansa, a ɗebo jajayen ƙwayoyi daga ɗan guntun robar da ke jikin ledar da za a bayar, a wanke su da ruwan gishiri, a tsarma su zuwa kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, sannan a haɗa digo biyu na ruwan jinin mara lafiya da digo ɗaya na ƙwayoyin. Matakin farko shi ne a juya su nan take a duba: idan ƙwayoyin sun dunƙule ko sun fashe, rukunan A, B da O ba su dace ba. Mataki na biyu shi ne a ajiye haɗin a ɗumin jikin mutum, digiri 37, na tsawon kamar rabin awa, sannan a wanke a ƙara masa sinadarin gwajin Coombs, wanda aka fito da shi a 1945. Wannan mataki na biyun shi ne ke tona asirin antibodin da mutum ya samu daga wani ciki da ya gabata ko wani ƙarin jini na baya, irin masu yaƙar alamar D ta resus, ko ta Kell, ko Kidd, ko Duffy, waɗanda suke mannewa a jikin ƙwayoyi ba tare da sun dunƙule su a gani da ido ba. Shi ya sa gwajin gaggawa da ake yi a kan farin tayil cikin minti biyar ba ya maye gurbin cikakken gwaji ga mace mai haihuwa huɗu, balle ga mai ciwon sikila da aka sha ƙara wa jini. Shi ya sa kuma idan an ƙara wa mutum jini ko ya yi ciki a cikin wata ukun da suka wuce, samfurin jininsa ba ya wuce awa 72 yana aiki, domin sabbin antibodi suna iya tasowa a tsakani.

A wannan daren ma'aikacin ɗakin gwaji ya yi duk waɗannan matakan ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. Jinin da ke cikin kwalbar da ke ɗauke da sunan maijego ya nuna rukunin A mai resus, ya ɗauko leda biyu na rukunin A, ya haɗa, ba dunƙulewa ba fashewa, ya rubuta cewa sun dace. Kuma gaskiya ya rubuta, domin sun dace da jinin da ke cikin kwalbar. Iyakar gwajin ke nan, kuma ita ce abin da na fi so duk ma'aikacin jinya ya riƙe: kurosmacin yana tabbatar da dacewa ne tsakanin leda da kwalba, shi bai taɓa ganin mara lafiya ba. Maijegon kuwa rukuninta O ne, kuma an rubuta hakan a katinta na awon ciki, wanda yake cikin jakar mahaifiyarta a ƙarƙashin gado, ba wanda ya nemi ya gani.

Da misalin ƙarfe tara da rabi na dare aka karɓo leda ta farko daga bankin jini. Ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki ta kira abokiyar aikinta suka tsaya a bakin gado, suka tambayi mara lafiya cikakken sunanta, suka gwama shi da lambar fayil, da lambar leda, da rukunin da ke jikin leda da wanda ke kan takardar dacewa, da ranar ƙarewar wa'adin jinin, suka kuma ɗaga ledar suka duba ko akwai gudaji ko sauyin launi ko yoyo. Komai ya yi daidai, domin kuskuren ya riga ya shige cikin takardun kansu. Ta auna mara lafiya kafin farawa: zafin jiki 36.8, bugun zuciya 96 a minti, hawan jini 110 bisa 70, numfashi 20. Ta jona ledar da robar ƙarin jini mai matata, a cikin minti talatin da fitowarta daga firiji kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ta saita digon a hankali yadda kimanin mililita 2 ne zai riƙa shiga a minti. Sannan ta yi abin da galibi ba a yi a ɗakin da mutum biyu ke kula da gado talatin: ta jawo kujera ta zauna tana cike takardunta a nan gefen gadon.

Kafin ta fara, ta gaya wa mara lafiya da mahaifiyarta abin da take so su faɗa mata. Kamar yadda ta ba ni labari daga baya, cewa ta yi: "Mama, idan kin ga tana rawar sanyi ko ta kasa kwanciya waje ɗaya, ki yi mini magana. Ke kuma maijego, ko me kika ji, ko zafi ne a hannu ko ciwon baya ko faɗuwar gaba, kada ki daure, ki faɗa mini." Ina ganin wannan jimlar ta ƙarshe tana da nauyin da littattafan koyarwa ba su cika ba ta ba. Macen da aka tarbiyyantar a kan ta yi naƙuda ba tare da an ji muryarta ba, ba za ta buɗe baki ta yi ƙorafin zafin hannu ba sai an ba ta izini a fili.

A wajen minti na takwas mara lafiya ta fara mutsu-mutsu, ta ce: "Sista, hannun nan yana yi mini zafi, kamar ana ɗura mini ruwan barkono." Ma'aikaciyar ta duba wurin kanula, wato ƴar robar da aka soka a jijiyar hannu, babu kumburi, jinin kuma yana tafiya sumul, wanda ke nuna cewa ba fita daga jijiya ya yi ba. Zafin yana bin jijiyar ne zuwa sama, daga gwiwar hannu har kafaɗa. Bayan minti biyu ko uku sai ta dafe ƙugunta ta ce bayanta zai tsinke, gabanta kuma yana faɗuwa, ita dai tana jin kamar wani abu zai same ta. Mahaifiyarta ta ce ai ciwon bayan haihuwa ne, kowace maijego tana yinsa, musamman wadda ta haihu da yawa. Maganar tana da ma'ana, amma ciwon bayan haihuwa a mara yake murɗawa, yana zuwa yana lafawa, ya fi tashi lokacin shayarwa, wannan kuwa a gefen baya yake ta wajen ƙoda, bai lafa ba, kuma bai wanzu ba kafin a jona jini. Kafin ma'aikaciyar ta gama ɗaura abin awon hawan jini, rawar sanyi ta kama mara lafiya har gadon yana motsi. Ta rufe maƙullin robar a minti na goma sha biyu, sannan ta yi awo: zafin jiki 38.4, bugun zuciya 124, hawan jini 88 bisa 54, numfashi 28. Abin da ya shiga jikinta bai wuce mililita 25 ba, wato ƙasa da cokalin cin abinci biyu.

Ya dace a tsaya a kan waɗannan alamomin, domin kowace ɗaya a cikinsu tana da abin da za a iya fakewa da shi a ɗakin masu jego na ƙasarmu. Zazzaɓi da rawar sanyi, kowa zai ce maleriya ce ta tashi, ko kuma sanyin jinin da aka fito da shi daga firiji. Ciwon baya, a ce na haihuwa ne. Faɗuwar hawan jini da saurin bugun zuciya, a ce jinin da ta zubar ne, har ma wani ya ƙara gudun digon don ya taimaka mata, wanda shi ne mafi munin abin da za a iya yi. Jan fuska da littattafan Turai ke lissafawa ba ya fitowa sosai a fata mai duhu, jan fitsari kuma yana ɓacewa a cikin jinin biƙi idan ba a sa robar fitsari ba. Abin da ke warware wannan ruɗanin shi ne lokaci da kuma awon farko: duk abin da bai kasance ba kafin a jona leda, ya kuma bayyana a cikin minti goma sha biyar na farko, na jinin ne har sai an tabbatar da akasin haka. Da ba a rubuta 110 bisa 70 kafin farawa ba, da 88 bisa 54 bai gaya wa kowa komai ba a jikin macen da ta zubar da jini da safe. Faɗuwar gaban da mara lafiya ta ambata ma alama ce da aka sani, kuma sau da yawa tana riga ma'aunin zafi magana. Ga wanda yake a sume ko aka yi wa allurar barci a ɗakin tiyata kuwa, babu mai ƙorafi, sai dai a lura da faɗuwar hawan jini da ba a san dalilinsa ba, da tsattsafar jini daga wurin yanka ko wurin allura, da sauyin launin fitsari a jaka.

Ba kowace matsalar ƙarin jini ce fashewar ƙwayoyi ba, kuma gwajin dacewa ba shi da iko a kan yawancinsu. Wadda aka fi gani ita ce zazzaɓi kawai, zafin jiki ya hau da digiri ɗaya ko fiye amma hawan jini yana nan daram, babu ciwon baya, kuma fararen ƙwayoyin jini da ke cikin ledar ne sanadinsa. Akwai ƙaiƙayi da borin jini a fata, wanda idan shi kaɗai ne ana tsayawa a ba da maganin ƙaiƙayi, likita ya duba, a ci gaba a hankali, amma idan ya zo da kumburin leɓe da shaƙewar numfashi to allurar adiranalin ake nema cikin gaggawa. Akwai kuma cikar ruwa a jiki, wadda ta fi kama tsofaffi da ƙananan yara da masu daɗaɗɗen ƙarancin jini, inda numfashi ke yin wuya, jijiyoyin wuya su cika, hawan jini kuma ya hau maimakon ya faɗi. Ledar da ƙwayoyin cuta suka hayayyafa a cikinta, saboda ta daɗe a waje ko firiji ya rasa wuta, tana kawo zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar hawan jini da ke kama da abin da ya sami wannan matar. A minti na farko ma'aikacin jinya ba zai iya bambance su da tabbaci ba, kuma ba a nemi ya bambance ba, domin matakin farko ɗaya ne a dukkansu, wato a rufe robar. Abin da na ƙi jini, kuma na sha gani, shi ne a rage gudun digo, a yi allurar haidurokotizon, a ci gaba saboda an ji tausayin dangi da suka sha wahala kafin su samo ledar. Allurar tana iya lafar da rawar sanyi, amma ba ta hana ƙwaya ɗaya fashewa, kuma girman ɓarnar yana tafiya ne da yawan jinin da ya shiga.

Bayan ta rufe robar, ma'aikaciyar ta aika abokiyar aikinta ta kira likita, ita kuma ta cire ledar tare da robarta gaba ɗaya daga bakin kanula. Ba ta tura ruwa ta tsohuwar robar ba, domin jinin da ke kwance a cikinta zai iya kai wanda ya riga ya shiga yawa. Ta bar kanular a hannu, ta jona sabuwar roba da ruwan gishiri na kashi 0.9, ta buɗe shi sosai, ta ɗaga ƙafafun mara lafiya, ta sa mata iskar oksijin. Ta sake gwama suna da lambobi, ta ga ba su saɓa ba, sai ta tambayi mahaifiyar ko akwai wata takardar asibiti a wurinsu. Da aka fito da katin awon ciki aka ga O a rubuce, nan take ta kira ɗakin gwaji ta ce a riƙe leda ta biyu, a kuma riƙe duk jinin da aka tanadar wa matar gadon kusa, domin idan kwalba ɗaya ta ɗauki sunan da ba nata ba, akwai yiwuwar ta biyu ma haka take.

Likita ya sa aka sanya robar fitsari, kuma fitsarin farko da ya fito launinsa kamar na zoɓo da aka tsarma. An ɗebi sabon jini daga ɗaya hannun, aka rubuta suna a bakin gado a wannan karon, aka aika da shi ɗakin gwaji tare da ledar da robarta da fitsarin. Da aka juya sabon samfurin, ruwan jinin da ya kamata ya zama ruwan ɗorawa mai haske sai ya fito da ja-ja, rukuni ya nuna O, gwajin Coombs na kai tsaye ya nuna cewa akwai ƙwayoyin da antibodi ya manne wa, kuma da aka sake haɗa ledar da ainihin ruwan jininta sai ƙwayoyin suka dunƙule tun a matakin farko. Maƙwabciyarta, wadda takarda ta ce O ce, ta fito A. Ita da an ba ta jinin O mai yiwuwa da ba abin da zai same ta, kuma da kuskuren ya wuce ba wanda ya sani.

Sauran aikin daren kare ƙoda ne. An ci gaba da ruwan gishiri har hawan jini ya dawo 104 bisa 66 cikin awa ɗaya, ana auna fitsari kowace awa da nufin kada ya gaza mililita ɗaya a kan kowane kilo na nauyinta, wato kamar 60 a awa ga mace mai kilo 60. Da ya ragu zuwa 35 a awa ta uku duk da ruwan da ta samu, likita ya ba da miligiram 40 na furosamayid ta jijiya, fitsarin ya buɗe. Ana kuma duba ƙyallen da ta sa da wuraren allura akai-akai, domin a jikin maijego rikicewar daskarewar jini za ta fara bayyana ne a matsayin sabon ɓallewar jini daga mahaifa, amma hakan bai faru ba. Da safe idanunta sun ɗan yi ɗorawa, fitsari ya fara washewa, awon aikin ƙoda ya ɗan hau a rana ta biyu sannan ya sauko a ta huɗu. Tun da har yanzu tana buƙatar jini, an yi sabon gwajin dacewa da sabon samfuri aka ƙara mata leda biyu na rukunin O, ɗaya bayan ɗaya, kowace a cikin ƙasa da awa huɗu, ba tare da wata matsala ba. Sai da aka daɗe ana yi wa mahaifiyarta bayani kafin ta yarda a sake jona mata wata leda, kuma ban ga laifinta ba.

A binciken da na yi, ma'aikacin da ya ɗebi jinin bai ɓoye komai ba, ya ce haka kowa yake yi idan aiki ya yi yawa, kuma da na duba sai na tarar gaskiya ya faɗa, domin a lokacin ko abin rubutu mai kama jikin kwalba ba a ajiyewa a kan tiren ɗibar jini. Mun sauya abubuwa uku a sashen. Ba a barin bakin gado da kwalbar da ba a rubuta mata suna da lambar fayil ba, kuma ba a ɗibar jinin mutum na biyu sai an gama da na farko. Ana neman katin awon ciki ko wata tsohuwar shaidar rukunin jini kafin a jona leda, idan kuma babu, a sake gwada rukuni da samfuri na biyu da aka ɗiba a wani lokaci daban, matuƙar ba gaggawar ceton rai ake ciki ba. Sannan ƙarin jinin da zai iya jira har gari ya waye ba a fara shi da dare, lokacin da ma'aikata suka fi ƙaranci kuma zaman minti goma sha biyar a gefen gado ɗaya ya fi wuya.

An sallami maijegon a rana ta shida da fisibi 27. An rubuta mata rukuninta da abin da ya faru a kan kati, aka ce ta nuna shi a duk asibitin da za a ƙara mata jini ko ta je awon ciki, aka kuma gaya mata ta dawo idan ta ga idonta ya sake yin ɗorawa ko fitsarinta ya yi duhu a cikin mako biyu, domin akwai nau'in fashewar ƙwayoyi da ke jinkiri har kwanaki bayan ƙarin jini. Ta dawo awon bayan haihuwa a mako na shida da jaririnta a goye, awon ƙodarta kuma ya fito daidai.